Yadda Ake Yi wa Hukumar Haraji Bayanin Giɓi Tsakanin Na'urar Rasit da Cinikin da Aka Bayyana

Takardar da hukumar haraji ke aiko wa mai kanti a kan wannan batu ba ta cika tsawo ba. Adadi biyu take ɗauke da su: abin da na'urar buga rasit ta nuna an sayar a wata kaza, da abin da kai ka rubuta a bayanin VAT na wannan watan. Daga nan sai a ce ka zo ka faɗi inda ragowar ta shiga. Yawancin 'yan kasuwarmu na Gombe, da sun ga takardar, abu biyu suke yi. Wani ya jefa ta a durowa yana jiran ta mutu da kanta, wani kuma ya tafi ofis hannu rabbana yana rantsuwa cewa bai ɓoye ko kwabo ba. Rantsuwar tana iya zama gaskiya, amma jami'in ba shi da gurbin da zai rubuta ta a fayil. Abin da zai iya sawa a fayil shi ne lissafi da ya tashi daga adadin na'ura ya sauka a kan adadinka, kowace naira da takardar da ta tsaya mata.

Tun daga Janairun 2026 hukumar da muka sani da FIRS ta koma NRS, kuma ita ce mai karɓar VAT, wanda yake kashi 7.5 cikin ɗari, ana kai bayaninsa zuwa ranar 21 ga watan da ke biye. Sabuwar dokar gudanar da haraji ta 2025 ta ba hukumar ikon tilasta a riƙa bi da ciniki ta na'urar da ke aika mata bayani kai tsaye, an kuma soma da manyan kamfanoni masu cinikin naira biliyan 5 zuwa sama a shekara, tun watan Agustan 2025. Ko na'urarka ta haɗu da ta hukuma, ko kuwa masu bincike ne suka zo kanti suka ce a buga musu rahotonta, aikin da za ka yi iri ɗaya ne.

Fara da takardar kanta

Ka rubuta ranar da takardar ta shigo hannunka a bayanta, da sunan wanda ya karɓa, domin daga ranar ake ƙirga wa'adi. Sannan ka gane wace iri ce. Akwai wadda tambaya ce kawai, ana neman bayani cikin kwanakin da aka ambata a jikinta. Akwai kuma wadda an riga an yanka maka haraji, an sa adadin da za ka biya. Ta biyun ita ce mai haɗari, don kwana 30 doka ta ba ka ka rubuta ƙin amincewa, kuma in suka wuce ba ka rubuta ba, kuɗin ya tabbata a kanka ko da kai ne mai gaskiya.

Idan takardar ta kawo jimilla ɗaya tal, ka rubuta ka roƙi a ba ka yadda aka haɗa ta: wace na'ura, mece ce lambarta, daga wace rana zuwa wace rana, kuma da VAT a ciki ko babu. Wannan tambaya ta ƙarshe kaɗai takan cinye wani babban yanki na giɓin.

Daga ranar kuma kada kowa ya taɓa tsohon bayanin da ke cikin na'ura. Kada a goge, kada a gyara kwanan wata, kada a kira mai gyara ya wanke ta. Na'urar tana ajiye tarihin duk abin da aka yi mata, da lokaci da sunan wanda ya shiga. Giɓin da kuskuren kashiya ya jawo abu ne da ake warwarewa a kan tebur, amma gogewar da aka yi bayan zuwan takarda kamannin ɓoye ciniki gare ta, kuma wannan wata shari'a ce daban.

Abin da za ka tara

Babban abin nema shi ne rahoton rufe rana, wanda na'ura ke kira Z Report. Shi ne ake bugawa in an tashi, ya tattara cinikin ranar ya mayar da ƙirga sifili, kuma kowanne yana da lambarsa a jere. Kada ka rikita shi da X Report, wanda leƙe ne kawai a tsakar rana, ba ya rufe komai. Akawu da yawa suna haɗa na X da na Z a fayil ɗaya, in aka zo tarawa sai cinikin safe ya fito sau biyu. Ka jera na Z na kowace na'ura daban, ka bi lambobinsu ɗaya bayan ɗaya. In ka ga 412 sai 414, to 413 yana wani wuri, kuma can ya kamata idonka ya fara zuwa.

Bayan su, ka sa a fitar maka da cikakken jerin rasitan watan daga cikin na'ura, wanda ke nuna lamba da lokaci da kaya da kuɗi, haɗe da jerin waɗanda aka soke da waɗanda aka mayar wa mutane kuɗinsu, wato abin da allo ke nunawa da Void da Refund. Ka ɗauko kwafin bayanin VAT na watan da ake magana, da na watan da ya gabace shi da na wanda ya biyo shi. Ka karɓo takardar shige da ficen asusunka daga banki, da ta na'urar POS, da littafin da ake rubuta tsabar da aka ƙirga kullum, da littafin bashi.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

Mu ƙaddara wani kantin kayan masarufi a kan hanyar Biu, kamfani ne mai rajista, yana da na'ura biyu. Ta farko tana bakin ƙofa, ana buga komai a kanta har da buhunan shinkafa da wake. Ta biyu tana ɓangaren sabulu da man shafawa da lemon kwalba. Hukuma ta ce a watan Maris na'urorin sun nuna naira 38,625,000, shi kuwa mai kanti ya bayyana naira 24,000,000, ya biya VAT na naira 1,800,000. Giɓi ya kama naira 14,625,000. In aka ɗauke shi duka a matsayin cinikin da aka ɓoye, VAT ɗinsa kaɗai naira 1,096,875 ne, ban da tara.

Ana farawa daga adadin na'ura a gangaro, ba daga naka a hau ba. Dalili kuwa, adadin na'ura shi ne jami'in ya yarda da shi, don haka daga nan zai biyo ka.

Matakin farko, ware kayan da babu VAT a kansu. Kayan abinci na asali irin shinkafa, masara, gero da wake, da magunguna, da littattafan makaranta, ba a ɗora musu kashi 7.5. A dokar da ta gabata an keɓe su ne gaba ɗaya, a sabuwar kuwa an bar su a cikin tsarin amma harajinsu sifili ne. Ko ta wace fuska, rashin haraji a kansu bai ɗauke maka bayyana su ba. Takardar bayanin VAT tana da layin jimillar ciniki duka, da layin da ake cire waɗannan, sannan layin abin da ya rage mai haraji. Kuskuren da ya fi yawa a kantunan da ke haɗa hatsi da sauran kaya shi ne akawu ya ce tun da ba a biyan komai a kan shinkafa, ba sai an rubuta ta ba, sai ya sa cinikin mai haraji a layin jimilla. A misalinmu abin da ya faru ke nan, kuma kayan abincin sun kai naira 9,600,000. In an cire su daga 38,625,000, saura 29,025,000.

Kada ka tsaya a faɗin adadin. Ka fitar da rahoton na'ura na kaya bisa kaya, ya nuna buhu nawa na shinkafa, nawa na wake, sannan ka haɗa da takardun sari, ko daga Tudun Hatsi ka saro ko daga kamfanin casa. Jami'in da ya san aikinsa zai duba ko buhunan da ka ce ka sayar sun yi daidai da waɗanda ka saro da waɗanda suka rage a sito. Zai kuma duba ko ba a cusa biskit da lemo da man shafawa a ƙarƙashin maɓallin hatsi ba. Ka riga shi dubawa. In ka tarar an yi wa wani kaya mai haraji lambar marar haraji a na'ura, wannan kuɗi ne da ake bin ka, ka ware shi gefe.

Mataki na biyu, zare VAT daga cikin abin da ya rage. Na'urar kanti tana tara abin da mai saye ya miƙo ne, wato farashi da haraji a haɗe, alhali bayanin wata yana son farashi zalla. A nan mutane ke yin kuskuren lissafi, su ɗauki kashi 7.5 na jimillar su cire. Ba haka ake yi ba, domin an ɗora kashi 7.5 ɗin ne a kan farashi, ba a kan jimilla ba. Kayan naira 10,000 ana sayar da shi 10,750, harajin ciki 750 ne, amma kashi 7.5 na 10,750 ya haura 806. Rabawa ake yi:

```
29,025,000 ÷ 1.075 = 27,000,000
29,025,000 − 27,000,000 = 2,025,000
```

Ka lura da jerin matakan. Sai an fitar da kayan da ba su da haraji kafin a raba. Wanda ya raba jimillar farko da 1.075 ya zare haraji daga shinkafar da ba a taɓa ɗora mata ba, kuma lissafinsa ba zai taɓa haɗuwa ba.

Yanzu ga inda aka tsaya: na'ura ta ce cinikin mai haraji naira 27,000,000 ne, mai kanti ya ce 24,000,000. Giɓin miliyan goma sha huɗu da ɗoriya ya dawo miliyan 3, ba a kuma buɗe rasit ko ɗaya ba tukuna. Sauran aikin shi ne mai cin lokaci, don sai an bi rana bisa rana. Ka yi jadawali mai layi 31. A kowace rana ka sa jimillar Z, da abin da akawu ya shigar a littafi, da kuɗin da suka shigo ta tsaba da POS da tiransifa. Ranakun da ukun suka yi daidai ka wuce su. Waɗanda suka saɓa su ne za ka zauna a kansu. Daga nan duk adadin da zan ambata, wanda aka zare wa VAT ne.

Kayan da aka dawo da su. A kantin misalinmu an dawo da kayan naira 400,000 a watan: kwalayen lemo da suka kusa lalacewa, da wani mai shago daga Kumo da ya mayar da rabin sarin da ya yi. Kashiya ta ba su kuɗinsu daga durowa, ta rubuta a littafi, amma ba ta bi ta maɓallin Refund ba. Akawu ya cire a lissafinsa, na'ura kuwa ba ta san an yi ba. Wannan shi ne bayanin da jami'an haraji suka fi yi wa kallon tuhuma, kuma suna da hujja, domin duk mai son rage ciniki abin da zai fara cewa ke nan. Saboda haka kowane mayarwa yana bukatar abu uku: lambar rasit ɗin asali, shaidar cewa kuɗin sun fita (tiransifa ta fi ƙarfi, in tsaba ce a samu sa hannun wanda ya karɓa), da shaidar cewa kayan sun koma sito ko an mayar wa kamfani. In mai sayen ɗan kasuwa ne mai rajistar VAT, sai an ba shi takardar rage kuɗi, wadda na'ura ke kira Credit Note, mai ɗauke da lambar rasit ɗin farko, don shi ma ya rage VAT ɗin sarin da ya nemi a cire masa a nasa bayanin. A tsarin da ke haɗe da hukuma, kowace takardar ciniki tana samun lambar da ake kira IRN, kuma ba ta gogewa da baki, sai da takardar ragi da aka bi da ita ta cikin tsarin. Mayarwar da ba ka da takardarta, shawarata ita ce kada ka yi jayayya a kanta. Ka bar ta a cikin ciniki ka biya, don rauninta kada ya shafi sauran bayananka masu ƙarfi.

Rasit da ya fita sau biyu. Wuta ta ɗauke ana tsakiyar bugawa, ko sabis ya tsaya allo ya daskare, kafin a tada janareta kashiya ta sake buga kayan daga farko. Na'ura ta ajiye duka biyun. Gane su ba wuya: lambobi biyu a jere, kaya iri ɗaya, kuɗi iri ɗaya, tsakaninsu minti ɗaya ko biyu. Shaidar da ke kashe magana ita ce kuɗin sau ɗaya suka shigo, ko a takardar POS ko a ƙirgar durowa ta ranar. A misalinmu irin waɗannan sun kai naira 200,000. Amma ka yi hattara, mutum biyu suna iya sayen kwalin taliya ɗaya a jere a kan farashi ɗaya. In durowa ta nuna kuɗi biyu, ciniki biyu ne.

Biyan bashi da aka buga kamar sabon ciniki. Wannan ya fi kowanne yawa a wurinmu, saboda rabin kasuwancin Gombe a kan amana yake tafiya. Wata makarantar kwana ta ɗauki sabulu da omo na naira 1,000,000 a watan Fabrairu, an buga mata rasit, an kuma bayyana cinikin a bayanin Fabrairu. A Maris aka kawo kuɗin. Kashiya ta ga kuɗi sun shigo, durowa kuma ba ta buɗewa sai an buga wani abu, sai ta buga su a maɓallin kaya daban-daban. Na'ura ta ƙirga ciniki ɗaya sau biyu a wata biyu. Hujjarka a nan rasit ɗin Fabrairu ne, da shafin makarantar a littafin bashi, da bayanin VAT na Fabrairu da ke nuna kuɗin suna ciki. Akwai ƙarin shaida mai kyau: rasit ɗin Maris ba shi da jerin kaya, kuma sito bai ragu ba a ranar. Abin da jami'in zai so ya tabbatar shi ne an biya harajin sau ɗaya a wani watan. In bincikenka ya nuna ba a sa cinikin a Fabrairu ba, ba a kuma sa shi a Maris ba, to wannan layi ya tashi daga bayani ya koma bashin haraji.

Ranar da ta tsallaka wata. Daren 31 ga Maris yaron da ke kan na'ura ta biyu ya tashi bai buga Z ba. Washegari ya ci gaba a kai, sai da la'asar aka lura aka rufe. Rahoton ya tattara kwana biyu ya jingina su ga Maris, alhali naira 800,000 daga ciki cinikin 1 ga Afrilu ne, kuma akawu ya sa su a bayanin Afrilu bisa kwanan watan da ke jikin rasitai. Wannan mai sauƙi ne: jerin rasitan da lokutansu, da bayanin Afrilu. Sai dai ka nuna cewa a Afrilu akwai giɓi kishiyar wannan, wato abin da ka bayyana ya fi na na'ura da 800,000 ɗin nan. In babu shi a can, bayanin bai tsaya ba. Na'urar da agogonta ya karkace bayan batirin cikinta ya mutu ita ma takan jefa ciniki a watan da ba nasa ba, ana kuma gane ta in aka gwada lokacin rasit da lokacin da POS ya nuna.

Idan aka tara huɗun nan, 400,000 da 200,000 da 1,000,000 da 800,000, sun ba da 2,400,000. Saura naira 600,000.

Abin da ya rage bayan an gama

A misalinmu wannan ragowar ita ce Z mai lamba 413, na ranar 14 ga Maris. Takardar ta ɓace kafin ta kai teburin akawu, shi kuma yana tarawa ne daga takardun da ke hannunsa, bai bi lambobi ba. Ciniki ne na gaskiya, an karɓi VAT ɗinsa naira 45,000 daga hannun jama'a, ba a kai wa hukuma ba.

A nan ake samun masu ba da gurguwar shawara, su ce a ƙara 600,000 ɗin a kan kayan da aka dawo da su, ko a ce na'ura ce ta yi kuskure. Ina roƙonka, ɗan'uwa, kada ka saurare su. Kuɗin nan tun asali ba naka ba ne, amana ce ka karɓa a madadin hukuma. Ban da haka, takardar banki ta ranar 14 tana nan tana nuna kuɗin POS sun shigo, kuma jami'in yana da ikon neman ta. Ranar da ya kama layi ɗaya na ƙarya, sauran layuka shida na gaskiya sun zama abin zargi, bincike kuma yana iya faɗaɗa zuwa wasu watanni da shekaru. Ka rubuta a fili cewa an tsallake cinikin rana ɗaya, ga lambar rahoton, ga adadin. Ka biya naira 45,000 ɗin ta hanyar biyan hukuma, ka ajiye shaidar biya. Za a ɗora tarar jinkiri ta kashi 10 cikin ɗari, wato 4,500, da kuɗin ruwa gwargwadon tsawon lokacin. Ka kuma nemi a ba ka damar gyara bayanin Maris, a sa jimillar ciniki daidai, a nuna kayan abinci a layinsu.

Rubuta amsar

Da Turanci ake rubuta wasiƙar, a kan takardar kamfani, kuma shafi ɗaya ko biyu ya isa. A sama ka sa lambar takardarsu da ranarta, da lambar harajinka, da watan da ake magana. Sai jadawalin, wanda shi ne zuciyar amsar:

- Jimillar na'ura biyu: 38,625,000
- A cire kayan abinci marasa haraji: 9,600,000
- A cire VAT da ke cikin ragowar: 2,025,000
- A cire kayan da aka dawo da su: 400,000
- A cire rasitan da suka maimaitu: 200,000
- A cire biyan bashin Fabrairu: 1,000,000
- A cire cinikin 1 ga Afrilu: 800,000
- A cire cinikin 14 ga Maris da aka tsallake, wanda aka amsa aka biya: 600,000
- Abin da aka bayyana: 24,000,000

Kowane layi ka ba shi lamba, ka sa lambar a kan takardun da ke goyon bayansa, yadda jami'in zai ɗaga layi na huɗu ya tarar da rasitansa a manne ba sai ya tambaye ka ba. A ƙarƙashin jadawalin ka yi wa kowane layi jimla biyu ko uku: me ya faru, ina shaidar. Kada ka cika da labarin tsadar kaya da kuɗin dizal, ba abin da aka tambaye ka ba ne. In littafin bashinka da Hausa ko ajami aka rubuta shi, ka haɗa da fassarar shafukan da suka shafi maganar. Ka rufe da abin da ka gyara a kanti: an buɗe maɓallin karɓar bashi daban, babu mayar da kuɗi sai ta na'ura da sa hannun manaja, ana duba lambobin Z kowane mako.

Kwafi za ka kai, asali ya zauna a wurinka, sai in an ce ka zo da shi a gani. Doka ta ce a ajiye takardun ciniki aƙalla shekara 6, takardar na'ura kuwa zafin Gombe yana goge rubutunta cikin watanni, don haka ka ɗauki hotonta ko ka yi mata kwafi tun tana karantuwa. In ka miƙa wasiƙar, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kan naka kwafin. Ranar zama ka tafi da wanda ya haɗa lissafin da hannunsa. Tambayar da ba ka da amsarta a take, ka ce za ka kawo a rubuce, ya fi ka yi hasashe a rubuta shi a bakinka. Duk abin da aka daidaita a kai, ka nemi a sa shi a takarda. Kuɗi kuma ba a miƙa wa kowa a hannu.

Idan naka ne ya fi na na'ura

Wani lokaci giɓin ta ɗaya gefen yake fitowa, ka bayyana fiye da abin da na'ura ta nuna. Kada ka ɗauka wannan ba matsala ba ce don ka biya da yawa. Ma'anarsa akwai cinikin da bai bi ta na'ura ba, galibi sarin da ake rubuta wa rasit na hannu a sito, ko ranar da na'ura ta lalace. Ga wanda doka ta riga ta wajabta wa bi ta tsarin hukuma, ƙin bi laifi ne mai tararsa daban, ko da an biya harajin. Ka kawo littafin rasit na hannu da lambobinsa a jere, da takardar mai gyara da ke nuna ranar da na'ura ta tsaya da ranar da ta tashi.

Idan ba a karɓi bayaninka ba

In hukuma ta yanka maka haraji duk da haka, ka rubuta ƙin amincewa cikin kwana 30 ɗin nan. Cewa ba ka yarda ba kawai bai isa ba. Sai ka faɗi layin da kake jayayya a kai da adadinsa da dalilinka, ka faɗi abin da ka amsa, ka haɗa da shaidar ka biya shi. Jadawalin da ka riga ka yi shi ne zai sake yi maka aiki a nan. Sabuwar dokar ta ba hukuma kwana 90 ta amsa, in ba ta amsa ba ana ɗaukar an karɓi ƙorafinka. In ta amsa da ƙin gyarawa, kana da wasu kwana 30 ka ɗaukaka ƙara zuwa kotun sauraren ƙorafin haraji, wadda reshenta na Arewa maso Gabas yake zama a Bauchi. In magana ta kai nan, ka nemi ƙwararren akanta ko lauya mai aikin haraji.

Ka kuma tuna cewa jimillar cinikin da ka gyara a bayanin VAT ita ce za ta bayyana a lissafin ribarka na ƙarshen shekara. Kamfani yana kai nasa ga NRS, mai kasuwanci da sunan kansa kuwa ga hukumar tara kuɗin shiga ta Jihar Gombe. Ka gaya wa mai haɗa maka lissafin shekara cewa cinikin Maris ya ƙaru da naira 600,000, kuma kayan abinci na 9,600,000 suna ciki, don adadin da zai kai can ya yi daidai da wanda ka sa wa hannu a nan.